Lissafin Saura a Cikin Matiriks: Yadda Harafin x Ke Raba Shi Zuwa Tubala

Ga lambobi tara an jera su sahu uku:

```
     1   1  -1
A =  1   1   0
     1  -1   2
```

Masu lissafi suna kiran irin wannan jeri matiriks. Kada a ɗauke shi a matsayin tarin lambobi kawai, umarni ne. Idan aka ba shi lambobi uku (a, b, c), waɗanda ake kira bekta, sai ya mayar da wasu uku: ta farko a + b − c, ta biyu a + b, ta uku a − b + 2c. Kowane sahu yana faɗin yadda za a gauraya lambobin da suka shigo. A ba shi (0, 1, 0), zai ba da (1, 1, −1). A sake mayar masa da abin da ya bayar, zai ba da (3, 2, −2). A sake, (7, 5, −3).

To, idan aka yi haka sau goma fa, ko sau dubu? Irin wannan tambayar ce ke gaban injiniyan da ke lissafin girgizar gada, da mai hasashen yadda adadin dabbobi zai kasance shekara bayan shekara, domin duk tsarin da halinsa na gobe ke fitowa daga gaurayar halinsa na yau yana da matiriks a bayansa. Ana iya zama a yi ta ninkawa har a gaji, amma hakan ba zai nuna dalilin da ya sa lambar farko ke tashi da gudu, ta ukun kuma ke sauka a hankali ba. Dalilin yana ɓoye, kuma abin da ya ɓoye shi ma'aunin da muka rubuta lambobin da shi ne.

Idan muka rubuta (3, 2, −2), nufinmu a ɗauki (1, 0, 0) sau uku, (0, 1, 0) sau biyu, a ɗebe (0, 0, 1) sau biyu. Waɗannan ukun su ne ginshiƙan da muka saba aunawa da su, amma ba dole ba ne sai su. Duk bektoci uku da babu ɗayarsu da za a iya haɗawa daga sauran biyun za su iya zama ginshiƙai. In an sauya ginshiƙai, umarnin yana nan yadda yake, lambobin da ke rubuta shi ne suke sauyawa. Burin shi ne a samo ginshiƙan da za su sa matiriks ya cika da sifili, abin da ya rage kuma ya taru a ƙananan tubala masu kusurwa huɗu a kan layin da ya taso daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama. Kowane tubali yana aikinsa ba ruwansa da na kusa da shi. Akwai hanyoyi da dama na kaiwa ga haka, amma wadda zan bi a nan ita ce, a ganina, mafi nuna dalili, domin tana mayar da dukan matsalar zuwa rabawa da saura irin ta aji huɗu na firamare.

Sabon aikin da aka ba x

A ka'idar sararin bekta, abu biyu kawai ake iya yi: a tara bekta da bekta, ko a ninka bekta da lamba. Dabarar ita ce a ƙara abin da ake ninkawa da shi. A yarda cewa harafin x ma yana ninka bekta, kuma ma'anar x sau v ita ce a bi da v ta cikin A sau ɗaya. Ke nan x² sau v na nufin a bi da ita sau biyu. Daga nan duk wata folinomiya, wato jimla irin x² − 2x + 1, ta sami ma'ana: a bi da v sau biyu, a ɗebe ninki biyu na abin da aka samu a bi na farko, a ƙara v kanta. Tsarin da ake tara abubuwansa, ake kuma ninka su da abin da ya zarce lambobi, kamar folinomiyoyi, shi ake kira mojul.

Mai karatu zai iya cewa ai ba a yi komai ba, suna kawai aka sauya. Gaskiya ne ba a ƙara wani sabon bayani game da A ba. Abin da aka samu shi ne kayan aiki. Folinomiyoyi suna da hali irin na cikakkun lambobi: ana ninka su ta kowane jeri a sami amsa ɗaya, ana fasa su zuwa gaɓoɓi, kuma mafi muhimmanci, ana raba ɗaya da wata a sami saura wanda darajarsa, wato ƙarfin x mafi girma a cikinsa, ta gaza ta mai rabawa. Duk wannan dukiya yanzu ta hau kan bektoci.

Akwai kuma wani abu da ba ya faruwa a ninkin lambobi. Lamba da ba sifili ba, idan ta ninka bekta da ba sifili ba, ba a taɓa samun sifili. Folinomiya kuwa tana iya shafe bekta gaba ɗaya. Dole ma a sami wadda za ta yi hakan, domin folinomiyoyi ba su da iyaka, sararin namu kuwa ginshiƙai uku kacal gare shi. Idan aka jera v, xv, x²v, x³v, an sami bektoci huɗu a wurin da ba ya ɗaukar fiye da uku masu zaman kansu, tilas ɗaya ta dogara da sauran.

Mu duba namu. Da v = (0, 1, 0), mun riga mun sami (1, 1, −1), (3, 2, −2) da (7, 5, −3). Ukun farko, wato v, xv da x²v, ba sa dogara da juna, saboda haka sun isa ginshiƙai. Ta huɗun kuwa ga yadda take fitowa daga gare su: 4 sau (3, 2, −2) ya ba da (12, 8, −8), a ɗebe 5 sau (1, 1, −1), saura (7, 3, −3), a ƙara 2 sau (0, 1, 0), an sami (7, 5, −3) cif. A rubuce:

```
x³v = 4x²v - 5xv + 2v
```

Ma'ana folinomiyar p = x³ − 4x² + 5x − 2 tana shafe v. Tun da kowace bekta a sararin tana fitowa ne daga v ta hanyar ninki da wata folinomiya, p tana shafe kowa da kowa.

A nan ne agogo ke da amfani. Wanda ke kallon agogon bango yana lissafi da saura ko bai sani ba: awa 15 bayan ƙarfe 12 ƙarfe 3 ne, domin an raba 15 da 12, saura 3. Lamba 12 tana aikin sifili. Sararin bektocinmu agogo ne wanda p ke tsaye a matsayin 12. In ana son x¹⁰ sau v, sai a raba x¹⁰ da p, a jefar da duk abin da ya rabu, a riƙe saura, wanda darajarsa ba za ta wuce 2 ba. Bektocin sararin da saurarrukan rabawa da p abu ɗaya ne, an dai rubuta su da hannu biyu.

Tun a nan mun sami siffa ta farko. Idan aka ɗauki v, xv, x²v a matsayin ginshiƙai, aikin A ya zama mai sauƙin faɗi: ya tura na farko zuwa na biyu, na biyu zuwa na uku, na uku kuma zuwa gaurayar nan ta 2, −5, 4. Kowane layin tsaye na matiriks yana nuna inda ginshiƙi ɗaya ya tafi:

```
0   0   2
1   0  -5
0   1   4
```

Wannan ita ce siffar Frobenius ta A, tubali ɗaya wanda ake karanta lambobin p kai tsaye daga layinsa na ƙarshe. A lura ba mu warware wata matsala mai wuya ba kafin mu kai nan. Tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa kawai muka yi.

Fasa tubalin

Folinomiyar p tana fasuwa: x³ − 4x² + 5x − 2 daidai take da (x − 1)² sau (x − 2). Haka 12 take fasuwa zuwa 2² sau 3, wato 4 sau 3. Tsohon sani ne, yana cikin littafin lissafi na Sunzi na ƙasar Sin tun fiye da shekara dubu da ɗari biyar, cewa wanda ya san sauran lamba idan an raba ta da 4, ya kuma san sauranta idan an raba ta da 3, ya san sauranta idan an raba ta da 12. Lambar da ta bar 3 a wajen 4, ta bar 1 a wajen 3, ba wata ba ce sai 7. Agogon 12 ke nan ya rabu zuwa ƙananan agogo biyu, na 4 da na 3, kowanne yana juyawa shi kaɗai. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne 4 da 3 ba su da gaɓa ta tarayya, don haka ana iya haɗa 1 daga gare su: 4 − 3 = 1.

Mu nemi makamancin wannan a folinomiyoyinmu. A raba (x − 1)², wato x² − 2x + 1, da x − 2. Ana samun x, saura 1. Saboda haka:

```
1 = (x - 1)² - x(x - 2)
```

Wannan ɗan layin shi ne zuciyar lamarin, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A ninka ɓangarorinsa biyu da v. Hagu ya ba da v kanta. Dama ya ba da kashi biyu. Kashi na farko, (x − 1)² sau v, shi ne (3, 2, −2) a ɗebe 2 sau (1, 1, −1) a ƙara (0, 1, 0), wanda ya ba da (1, 1, 0). Mu kira shi w. Kashi na biyu, x(x − 2) sau v, shi ne (3, 2, −2) a ɗebe (2, 2, −2), ya ba da (1, 0, 0). Mu kira shi u. Lalle kuwa w a ɗebe u ya dawo da (0, 1, 0).

Me muka sani game da w tun kafin mu gwada? An riga an ninka ta da (x − 1)², saura x − 2 kawai p ta cika. Don haka x − 2 tana shafe w, wato A zai ninka ta biyu ne kurum. A gwada: (1, 1, 0) ya koma (2, 2, 0). Haka ita ma u, an riga an ninka ta da x − 2, saboda haka (x − 1)² za ta shafe ta.

Sararin ya rabu gida biyu ke nan: bektocin da x − 2 ke shafewa, da waɗanda (x − 1)² ke shafewa. Abu biyu suka sa wannan rabuwa ta zama ta gaske. Na farko, babu bektar da ke gida biyun sai sifili, domin in duka biyun suna shafe ta, layin nan na sama ya ce 1 ma tana shafe ta, kuma 1 ba ta shafe komai sai abin da dama sifili ne. Na biyu, A ba ya fitar da bekta daga gidanta. In (x − 1)² tana shafe u, tana shafe xu ma, domin ninkin folinomiyoyi bai damu da wanda aka fara da shi ba. Wannan ne asalin sifilan da ke kewaye da tubala. Sifili a wajen tubali shaida ce cewa babu abin da ke tsallakawa daga wani gida zuwa wani.

Gidan w mai ɗaki ɗaya ne, tubalinsa lamba 2 kawai. Gidan u ya fi ban sha'awa. A ya kai (1, 0, 0) zuwa (1, 1, 1), wato ya bar u yadda take amma ya ɗora mata (0, 1, 1). Wannan ƙarin shi ne (x − 1) sau u. Mu kira shi t. Idan aka bi da t ta cikin A, sai ta fito (0, 1, 1) ba canji, kamar yadda ya kamata, tun da sake ninka ta da x − 1 zai cika (x − 1)² ne. Da ginshiƙai t, u, w, matiriks ɗinmu ya koma:

```
1   1   0
0   1   0
0   0   2
```

Wannan ce siffar Jordan: tubali mai biyu-biyu a sama, da 1 a kan layin kusurwa da wata 1 a samansa, sai tubali mai ɗaki ɗaya a ƙasa. Waccan 1 da ke saman layi ba ado ba ce. Ita ce ke cewa u ba ta tsayawa wuri ɗaya, kullum sai ta zubar da t guda.

Yanzu tambayar farko ta zama wasa. Bayan zagaye n, w ta ninku da 2ⁿ, u kuma ta zama u da t sau n. A zagaye na goma, 1024 sau (1, 1, 0), a ɗebe (1, 0, 0), a ɗebe 10 sau (0, 1, 1), amsa (1023, 1014, −10). A gwada da n = 3 a gani: 8 − 1, 8 − 3, −3, wato (7, 5, −3) da muka samu da hannu. Gudun lambar farko daga tubalin 2 yake, saukar ta ukun a hankali kuwa daga waccan 1 ta saman layi.

Idan bekta ɗaya ba ta isa ba

Mun yi sa'a da zaɓin (0, 1, 0). Da mun fara da (1, 0, 0), da mun sami (1, 1, 1), sannan (1, 2, 2), wadda ita ce 2 sau (1, 1, 1) a ɗebe (1, 0, 0). Tafiya ta tsaya a ginshiƙai biyu, ba za a taɓa ganin w ba. Alamar ita ce darajar folinomiyar da aka samu ta gaza girman matiriks. A wajen A maganin shi ne a sauya bektar farawa. Amma akwai matiriks da duk bektar da aka zaɓa ba za ta game sararin ba. A ɗauki B mai 1, 1, 2 a layin kusurwa, sifili a ko'ina. Folinomiyar (x − 1)(x − 2), mai daraja 2, tana shafe kowace bekta a wajensa, don haka babu wadda za ta haifar da ginshiƙai uku. Ditaminan na xI − B, inda I yake matiriks mai 1 a layin kusurwa da sifili a sauran wurare, shi ne (x − 1)²(x − 2), daidai da na A. Ɗalibai da yawa suna tsayawa a nan su ce matiriks biyun ɗaya ne a ginshiƙai daban-daban. Ba haka ba ne. A agogo ne na 12, B kuwa agogo biyu ne, na 2 da na 6. Duka suna da matsayi goma sha biyu, amma a na biyun taku shida ya isa kowa ya dawo inda ya faro.

Ana buƙatar hanyar da ba ta dogara da sa'a ba, kuma tunanin mojul ne ke ba da ita. A koma ga ginshiƙan asali, a kira su e₁, e₂, e₃. Duk abin da A yake yi yana cikin dokoki uku. Ta farko ta ce x sau e₁ daidai yake da e₁ + e₂ + e₃, wato (x − 1)e₁ − e₂ − e₃ sifili ne. In aka rubuta kowace doka a layin tsaye ɗaya, abin da ke fitowa shi ne xI − A:

```
x-1   -1     1
 -1   x-1    0
 -1    1    x-2
```

Wannan ne amsar tambayar da ke damun duk wanda ya koyi darasin ta hanyar hadda: daga ina xI − A ya faɗo? Jerin dokokin mojul ne. Ana iya sauƙaƙa dokoki ba tare da an taɓa abin da suke bayyanawa ba. Ƙara ninkin wani layin tsaye a kan wani sake tsara dokoki ne. Yin haka da sahu sauya ginshiƙan farawa ne. An yarda a musanya layi biyu, a ninka layi da lambar da ba sifili ba, ko a ƙara wa layi ninkin wani layin da kowace folinomiya. Abin da aka hana shi ne ninka layi ko raba shi da folinomiya irin x − 1, domin wannan mataki ba ya komawa baya. Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ana gane shi da wuri: a ƙarshe jimillar darajoji dole ta yi daidai da girman matiriks, in ta zarce ko ta gaza, an karya wannan doka a wani wuri.

A fara da 1 da ke ƙarshen sahun farko. A ɗebe (x − 2) sau sahun farko daga na uku, sai sahu na uku ya koma −(x² − 3x + 3), x − 1, 0. Da waccan 1 kuma a share sauran sahun farko ta hanyar layukan tsaye. Abin da ya rage:

```
      -1          x-1
-(x² - 3x + 3)    x-1
```

A ƙara (x − 1) sau layin tsaye na farko a kan na biyu. Saman na biyun ya zama sifili, ƙasansa ya zama −(x − 1)(x² − 3x + 2), kuma x² − 3x + 2 shi ne (x − 1)(x − 2). A share abin da ke ƙarƙashin −1, a gyara alamu, an sami 1, 1, da (x − 1)²(x − 2) a layin kusurwa. Kowace 1 tana cewa wannan ginshiƙin sifili ne, ba a bukatarsa. Saura ɗaya, da p a kansa, kamar yadda muka gani. In aka yi wa B haka, za a sami 1, x − 1, da (x − 1)(x − 2): bektocin farawa biyu, tubalan Frobenius biyu.

Me ya tabbatar cewa wannan aiki zai ƙare a kowane matiriks? Rabawa da saura. A ɗauki folinomiya mafi ƙarancin daraja a cikin jerin, a raba maƙwabtanta da ita. In duk sun rabu, an share sahunta da layinta. In wata ta bar saura, darajarsa ta fi ƙanƙanta, sai a koma kansa. Daraja ba ta iya raguwa har abada, dole a kai ƙarshe. Ana tsara sakamakon yadda kowace folinomiya za ta raba ta gaba da ita, kuma a wannan tsari jerin ba ya sauyawa ko ta wace hanya aka bi. Matiriks biyu umarni ɗaya ne a ginshiƙai daban-daban idan jerinsu ya zo ɗaya, in bai zo ɗaya ba, ba su ba ne. Ta ƙarshe a jerin ita ce mafi ƙanƙantar folinomiya da ke shafe kowa, ninkinsu duka kuma shi ne ditaminan. Tun da ta ƙarshen tana raba ditaminan, shi ma yana shafe kowa, kuma wannan ita ce shahararriyar ka'idar Cayley da Hamilton, ta fito a nan ba tare da wani ƙarin wahala ba.

Waɗannan folinomiyoyi biyu kaɗai ba sa wadatarwa idan matiriks ya girma. A mai huɗu-huɗu, jerin x², x² da jerin x, x, x² duka suna da ninki x⁴ da ta ƙarshe x², amma na farko tubala biyu ne, na biyu uku. Sai an ga jerin gaba ɗaya.

Waɗanda suka share wannan hanya ba su faro da mojul ba. Henry Smith na Oxford ya nuna a 1861 yadda ake sauƙaƙa matiriks na cikakkun lambobi zuwa irin wannan jeri, shi ya sa ake kiran siffar da sunansa. Karl Weierstrass a Balin ya fitar da ka'idar gaɓoɓi irin (x − 1)² da x − 2 a 1868, Camille Jordan a Faransa ya buga siffarsa a babban littafinsa na 1870, har aka yi zazzafar jayayya tsakaninsa da Leopold Kronecker a 1874. Ɗaya daga cikin ƙorafin Kronecker shi ne hanyar Jordan tana bukatar sanin saiwoyin folinomiya. Georg Frobenius ya haɗa kan waɗannan ayyuka a ƙarshen shekarun 1870. Fahimtar cewa lissafin agogo da lissafin matiriks ka'ida ɗaya ce ta mojul ta kafu ne da makarantar Emmy Noether a Göttingen a shekarun 1920, ta kuma bazu ta littafin aljabara na van der Waerden na 1930 da 1931.

Ƙorafin Kronecker yana da tushe. Matiriks da ke juya bekta kwata ɗin zagaye, yana kai (1, 0) zuwa (0, 1), yana kai (0, 1) zuwa (−1, 0), folinomiyarsa x² + 1 ce. Babu lambar zahiri da ninkinta da kanta ya ba da −1, saboda haka tubalin ba ya fasuwa, kuma hankali ya yarda, tun da juyi ba ya barin kowane layi a inda yake. Sai an shigo da lambar i kafin ya rabu zuwa x − i da x + i. Siffar Frobenius tana samuwa kullum da lambobin da aka fara da su. Ta Jordan kuwa sai an sami saiwoyi, kuma tun 1824 Niels Abel ya nuna cewa babu wata dabara ta bai-ɗaya ta fitar da su da alamun saiwa idan daraja ta kai 5.

Iyaka ta biyu ta shafi lambobin da aka auno. A ɗauki tubalinmu mai biyu-biyu, a sa 0.0001 a gurbin sifilin da ke ƙasa ta hagu. Folinomiyarsa ta koma (x − 1)² − 0.0001, wadda ke fasuwa zuwa x − 1.01 da x − 0.99. Tubali ɗaya ya zama biyu, kuma kuskuren kashi ɗaya cikin dubu goma ya kaɗa saiwoyi da kashi ɗaya cikin ɗari, ninki ɗari ke nan. Kwamfuta da ke yanke lambobi a wani gurbi tana yin irin wannan ɗan kuskuren a kowane mataki, don haka ba za ta iya bambance saiwa ɗaya da ta maimaitu da saiwoyi biyu masu kusanci ba. Shi ya sa injiniyoyi, idan lambobinsu daga awo suka fito, suke amfani da siffar Schur, wadda ke tara sifili a ƙasan layin kusurwa kawai amma ba ta rikicewa da ƙaramin kuskure. Siffar Jordan da ta Frobenius na wurin da lambobi suke cif ne: cikakkun lambobi, ɓangarori irin 2/3, ko lissafin saura da ake amfani da shi wajen tsara lambobin gyara kuskure a sadarwa.

Iyaka ta uku tana nuna ainihin abin da ginin ya tsaya a kai. Idan matiriks biyu ne masu jituwa, wato ninkinsu bai damu da wanda aka fara da shi ba, ana iya ba ɗaya x, ɗaya y, a sami mojul. Amma folinomiyoyi masu harafi biyu ba su da rabawa da saura irin wadda muka dogara da ita. Haruffan x da y ba su da gaɓa ta tarayya, duk da haka ba yadda za a haɗa 1 daga ninkinsu, domin duk abin da aka haɗa zai zama sifili idan x da y suka zama sifili. Matakin rage daraja ya tsaya ke nan, kuma Gelfand da Ponomarev sun nuna a 1969 cewa rarraba irin waɗannan tagwayen matiriks yana da wuyar da ta kai ta rarraba kowane irin tagwaye, har da waɗanda ba sa jituwa.